Taron Mako: Kada a Tashi Sai Kowane Aiki Ya Sami Mai Shi da Ranarsa

A ofisoshi da makarantu da ƙananan kamfanoni da yawa akan zauna taro duk mako. A buɗe da addu'a, a shafe awa biyu ana tattaunawa, a rufe da addu'a, kowa ya kama gabansa. Idan mako ya zagayo aka sake zama, sai ka ji maganar gyaran janareta da aka yi a wancan zaman ta taso sabuwa fil, kamar ba a taɓa yin ta ba. Galibi ma'aikatan ba malalata ba ne, kuma shawarar da aka yanke mai kyau ce. Abin da ya faru shi ne an tashi a kan cewa "za a duba janareta", kowa ya gyaɗa kai, kowa kuma ya fita yana zaton wani ne zai duba.

Wannan hali ne na ɗan Adam, kuma masana sun gwada shi. A 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun zaunar da ɗalibai ɗaya-ɗaya a ɗaki, suna jin muryar wani ta na'ura kamar farfaɗiya ta kama shi yana neman taimako. Cikin waɗanda suka zaci su kaɗai ne ke jin muryar, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman agaji tun bai yi shiru ba. Cikin waɗanda suka zaci akwai wasu mutum huɗu da ke ji tare da su, kashi 31 ne kawai suka motsa a wannan lokaci. Idan hakan na faruwa a kan ran mutum, ina ga batun sayen takarda ko kiran makanike?

Bari mu ɗauki misalin wata ƙaramar maɗaba'a mai ma'aikata bakwai: manaja, akanta, mai sayayya, mai tsara aiki a kwamfuta, masu kula da injin su biyu, da wata mai karɓar aiki daga hannun kwastomomi. Suna zama duk Litinin da ƙarfe 9 na safe, kuma minti 45 ya ishe su. Litinin ta fi dacewa da irin wannan zama saboda duk abin da aka ɗora wa mutum yana da mako guda a gabansa. Taron yammacin Juma'a kuwa, hankalin kowa ya riga ya tafi gida, kafin Litinin rabin abin da aka faɗa ya bi iska.

Kayan aikin taron takarda ce guda ɗaya, ko shafi ɗaya na littafi, mai gida huɗu: aikin, mai shi, ranar gamawa, da halin da ake ciki. Mutum ɗaya ne zai riƙe ta, kuma bai kamata ya zama shugaban taron ba, don wanda ke jan ragamar magana ba zai iya rubutu da kyau a lokaci guda ba. A maɗaba'armu, mai karɓar aiki ce ke riƙe da ita.

Minti goman farko na takardar makon jiya ne. Ana karanta aiki, mai shi ya amsa da ɗaya cikin uku: an gama, ba a gama ba ga sabuwar rana, ko kuma na maƙale ina neman taimako. Ba a karɓar "ana kai" ko "saura kaɗan", domin aiki zai iya yin wata uku yana saura kaɗan. Ba kuma nan ne wurin dogon bayani ko faɗa ba. In wani abu ya maƙale, a ajiye shi cikin batutuwan da za a tattauna a gaba, a wuce. Wannan sashe shi ne ke ba sauran taron nauyi. Da zarar mutane sun gane cewa duk abin da aka rubuta da sunansu za a karanto shi a gaban kowa ranar Litinin, sai su fara auna magana kafin su ce "na ɗauka".

Daga nan sai batutuwan mako, uku ko huɗu, mafi nauyi a farko. Rahoton abin da kowa ya yi a mako ba ya buƙatar zama, ana iya tura shi a rubuce tun daren Lahadi. Abin da ya cancanci lokacin mutum bakwai shi ne abin da sai an yanke shawara a kansa.

Ga yadda batu ɗaya zai tafi. Wata makaranta ta ba da aikin buga takardun jarrabawa, kuma tana so a kai mata ranar Litinin mai zuwa. Mai kula da injin ya ce takardar da ke sito ba za ta kai ba, ana buƙatar ƙarin rim 40. A taron da aka saba, nan za a ce "to, a sayo takarda", a wuce. Manajan da ya san aikinsa zai tsaya ya warware maganar daga ƙarshe zuwa farko. In za a kai aiki Litinin, dole a gama ƙirga da ɗaurewa ranar Asabar. Bugawa na cin kwana biyu, ke nan injin zai fara aiki Alhamis da safe, kuma a tuna Juma'a ba cikakkiyar ranar aiki ba ce. Saboda haka takarda ta shigo sito ranar Laraba kafin La'asar. Mai sayayya kuma ba zai tafi kasuwa hannu rabbana ba, sai akanta ya fitar da kuɗi ranar Talata. Akanta shi ma ba zai fitar ba sai ya ga farashi, manaja ya sa hannu.

Ka ga "a sayo takarda" ta haifi ayyuka huɗu. Mai sayayya zai kawo farashin dillalai biyu yau Litinin kafin ƙarfe 4. Manaja zai sa hannu gobe kafin ƙarfe 10. Akanta zai tura kuɗi gobe kafin Azahar. Mai sayayya zai sauke rim 40 a sito ranar Laraba kafin La'asar, mai injin ya ƙirga ya tabbatar. Kowane layi yana da suna ɗaya, rana ɗaya, da abin da ido zai gani ya ce an gama.

Batun suna ɗaya shi ne inda aka fi samun gardama. Wani zai ce ai aikin na mutum biyu ne, me zai hana a rubuta su duka? To, su yi tare, amma a rubuta wanda za a tambaya. In an rubuta biyu, ranar Litinin kowanne zai kalli ɗan'uwansa. Haka nan ba a rubuta "sashen kuɗi" ko "kwamiti", tun da sashe ba ya ɗaga waya. Kamfanin Apple ya yi suna da wannan ɗabi'a, inda kowane aiki ke da mutum ɗaya da aka sani shi ne alhakin ke wuyansa kai tsaye. Sannan ba a ɗora wa wanda ba ya wurin aiki. In dole shi ne zai yi, aikin da za a rubuta shi ne na wanda zai same shi: "Manaja zai yi magana da direba yau, ya kawo amsarsa kafin a tashi aiki."

Rana ma tana da nata sharuɗɗan. "Cikin makon nan", "nan ba da jimawa ba" da "da wuri" duk ba ranaku ba ne. Mu ce in sha Allahu kamar yadda addini ya koya mana, amma mu haɗa da Laraba kafin La'asar. Ya fi kyau kuma ranar ta fito daga bakin mai aikin. Manaja ya tambaya, "Malam, yaushe za mu sa rai?" In ranar da ya faɗa ta yi nisa, a tattauna. Wanda ya yanka wa kansa rana ya fi riƙe ta, don alƙawari kaya ne. Aikin da zai ɗauki wata guda kuwa, kada a rubuta shi dunƙule da ranar ƙarshen wata, domin ba wanda zai taɓa shi sai ana saura kwana uku. A rubuta matakin da za a iya gamawa kafin zama na gaba.

Akwai wata matsala da ta fi ƙarfi a wurinmu, wato kunya da girmama na gaba. Yaron da ke kula da injin ba zai iya kallon manaja ya ce ba zai yiwu ba. Zai ce "to, ranka ya daɗe", alhali ya san a zuciyarsa janareta ba zai ɗauki aikin kwana biyu a jere ba tare da an canja mai ba. Tambayar "za ka iya?" ba ta fito da wannan, domin amsarta kullum "e" ce. Tambayar da ke aiki ita ce, "Me zai iya hana wannan gamuwa ranar Alhamis?" Ta nan ne yaron zai sami ƙofar faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya yi wa babba musu ba, kuma ta nan ne aiki na biyar zai shiga takarda: kiran makanike ranar Talata. A ganina wannan tambaya ta fi duk wani abu da manaja zai faɗa a taron amfani. Dole ne kuma sunan manajan kansa ya riƙa fitowa a takardar, a karanto shi kamar kowa, ya amsa kamar kowa. In oga ne ke riƙe sa hannu kwana uku ba mai tambayarsa, na ƙasa ba za su ɗauki takardar da muhimmanci ba.

Minti biyar na ƙarshe ba a taɓa su, ko da wani batu bai samu shiga ba. Mai rubutu za ta karanto layi-layi, kowa ya amsa da bakinsa cewa ya ji kuma ya yarda. A nan ake kama kuskure tun yana ƙarami: akanta ya ce shi Laraba ya ji, ba Talata ba. Gara a gano haka yanzu da a gano shi ranar da injin ke tsaye ba takarda. Bayan an tashi, cikin awa ɗaya, a ɗauki hoton takardar a tura zauren WhatsApp na ma'aikata, ko a manna ta a allon sanarwa. Ƙa'ida ɗaya ta rage: wanda ya ga ba zai cika ranarsa ba ya faɗa tun kafin ranar, kada ya bari sai Litinin.

Ana gane tsarin ya fara lalacewa ta hanyoyi kaɗan. In aiki ɗaya ya fito mako uku a jere ba a gama ba, kada a sake ba shi sabuwar rana kawai. Ko dai ya yi girma a rarraba shi, ko mai shi ba shi da iko ko kuɗin yin sa, ko kuwa ba wanda ke buƙatarsa da gaske, a soke shi. In rabin layukan suna ɗauke da sunan mutum ɗaya, wannan mutum zai gaji, kuma a kansa komai zai tsaya. In mutum bakwai suna tashi da ayyuka talatin, an yi yawa, goma zuwa goma sha biyar da za a gama sun fi.

Mai karatu, in kai ne ke jagorantar irin wannan zama, ba sai ka jira sabon tsari daga sama ba. A taronku na gaba, ka ba wani takarda da biro, kuma duk lokacin da ka ji an ce "za a yi", ka dakatar da magana ka tambaya: wa zai yi, kuma wace rana?