Kundin Baduku: Yadda Jaka Ke Ba da Labarin Kanta

Mai saye da ya shiga Kasuwar Kurmi a Kano yakan ɗauki jaka ya shinshina, ya juya cikinta, ya ja maratayinta ya ji ƙarfinsa. Wanda ke Legas ko Yamai kuwa, hoto kawai zai gani a waya. Shi ya sa baduku ke bukatar kundin ayyuka, wato zaɓaɓɓun hotunan kayansa tare da bayanin yadda aka yi kowanne.

Wahalar tana wajen zaɓe. Baduku mai shekara 10 a sana'a zai so ya zuba komai, amma aiki 8 zuwa 12 sun wadatar, muddin kowanne na nuna wata gwaninta dabam. Jaka biyar masu fasali ɗaya ba su fi ɗaya ba. Gara jaka guda saboda ɗinki, tittimi saboda haɗa launi, kube saboda ƙaramin aiki mai cin ido. Wanda aka fi alfahari da shi ya zo a farko, domin mutane da yawa ba sa wuce hoto na uku.

A ɗauki jakar hannu ta fatar jar akuyar Sakkwato. Hoto huɗu sun ishe ta: fatar a shimfiɗe da zanen yanka a kanta, hannu riƙe da basilla ana hudawa, cikin jakar a juye, sannan jakar da aka gama. Na ukun nan shi ne wanda ake yawan ɓoyewa, alhali can ne wanda ya san fata yake fara dubawa. Ɗinki mai tazara daidai da bakin fata da aka fefe sumul ba sa bukatar talla.

A ɗauki hoton a inuwa da hantsi, a kan farin ƙyalle. Hasken fitilar waya yakan sa jan fata ya yi ƙyalli ya koma wani launi, kaya su isa hannun mai saye ya ce ba abin da ya gani ba ke nan. A ajiye awon tela a gefe don girman ya fito.

Bayanin kada ya wuce layi biyar. An jeme fatar da bagaruwa, jan daga karan dafi yake, rawayar daga gangamau, faɗin jakar inci 12, aikin ya ci kwana uku. Idan majemi ne ya jeme fatar, ko wata mata ce ta yi adon a cikin gida, a faɗa. Wannan haƙƙinsu ne, kuma ranar da aka nemi jaka 50, mai oda zai san hannu nawa aikin ke bi.

Gyaran da aka yi ma yana da wuri. Idan maratayin jakar farko ya yage a mahaɗa, aka ninka fatar wurin aka ƙara layin ɗinki, a jera hoton tsohuwar da sabuwar, a rubuta watan da aka yi kowacce a ƙasanta.