Idan wutar murhun gas ta karkace: ramin da ake tsokana da wanda ba a taɓawa

Da safiyar wata Asabar kunun gyaɗa ya tafaso a gidanmu, ya zubo ta gefen tukunya ya kashe rabin wutar murhun gas. Uwargida ta goge saman murhun da tsumma, aka ci gaba da girki. Bayan kwana uku sai kan murhun na dama ya soma ciwo. Wutar da a da take zagaye gindin tukunya kamar zobe, yanzu ta tsaya a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma sai giɓi. Shinkafa takan kama ta ɓangaren da wutar take, alhali ta ɗaya ɓangaren ba ta gama nuna ba. Zargin farko ya faɗa kan mai sayar da gas, aka ce ya ɗura mana iska. Amma kan murhun na hagu, wanda yake sha daga tukunyar gas ɗin nan ɗaya, wutarsa shuɗiya ce tas. Wannan kaɗai ya wanke mai gas.

Abin da ya kamata mai murhu ya fara dubawa ke nan kafin ya taɓa komai. Idan duk kawunan murhun ne suka yi sanyi lokaci guda, matsalar tana can baya: ko gas ya kusa ƙarewa, ko tiyo ya lanƙwashe, ko kan tukunyar gas, wato regileta, ya gaji. Idan kuwa kai ɗaya ne ya yi rauni sauran suna lafiya, to galibi toshewa ce, kuma tana cikin wannan kan.

Kafin a gane inda toshewar take, sai an san hanyar da gas yake bi. Regileta irin ta gida tana rage ƙarfin gas ɗin tukunya zuwa kimanin miliba 28 zuwa 30, matsi kaɗan ne ƙwarai. Daga nan gas ya bi tiyo ya shiga murhu, ya wuce makunni, sannan ya fito ta wani ɗan ƙarfen tagulla mai rami ɗaya tal, wanda masu gyara suke kira jet. Ramin jet ƙanƙane ne sosai: a murhunan da ake girkewa a kicin, faɗinsa kan kama daga kusan milimita 0.5 a ƙaramin kai, zuwa 0.65 a matsakaici, zuwa wajen 0.85 a babba. Saboda ƙanƙantar ramin, gas yana fitowa da gudu, kuma gudun ne yake jawo iska ta wata kafa da aka bari a buɗe a bakin bututun kan murhu. A cikin bututun gas da iska suke cakuɗuwa, sannan su fito ta jerin ramukan da ke kewaye da kan, inda wuta take kamawa. Dabarar haɗa gas da iska tun kafin su iso wurin wuta ita ce wadda aka sani da sunan masanin Jamus Robert Bunsen tun 1855, kuma har yau a kanta murhun gas yake aiki.

Gas ɗin girki, wanda haɗin butan ne da furofen, mayunwacin iska ne. Kowane awo ɗaya na butan yana buƙatar awo kusan 31 na iska kafin ya ƙone sarai, furofen kuma kusan 24. Idan ya samu iskar da ta ishe shi, wutar takan fito gajeriya, shuɗiya, tsayayya. Idan bai samu ba, sai ta yi tsawo, ta yi laushi, ta koma rawaya, ta shafa wa gindin tukunya baƙi. Baƙin nan gas ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba. Abin da ya fi baƙin haɗari shi ne iskar kabon monokasaid da irin wannan wuta take fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a kicin da aka rufe taga tana sa ciwon kai da jiri, in ta yi yawa ta yi kisa.

Ke nan wuraren toshewa uku ne, kuma kowanne yana da alamarsa a jikin wutar. Idan zoben wuta yana da giɓi, wasu harsunan dogaye wasu babu, ramukan kewayen kai ne suka toshe. Idan zoben ya cika babu giɓi amma duk ya ƙanƙance, ko an murɗa makunni har ƙarshe bai ƙaru ba, jet ne ya kama datti. Idan kuwa wutar tana da girma amma rawaya ce mai kasala, kafar iska ko bututun ne ya cushe, sau da yawa da yanar gizo-gizo ko gawar kyankyaso. Akwai launi ɗaya da bai kamata ya tayar da hankali ba: ɗigo-ɗigon ruwan lemo da ke walƙawa a cikin shuɗiyar wuta lokacin hunturu, ko bayan an yi shara, ko gishiri ya zuba a kai. Ƙura ce da gishiri suke ƙonewa, kuma ba sa baƙanta tukunya.

Namu giɓi ne, saboda haka na san ramukan kewaye zan nufa. Na fara rufe gas daga regileta alhali murhun yana ci, na bar wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan na murɗa makunnin na kashe. Na buɗe taga, na jira ƙarfen ya huce. Da na ɗaga matokarin tukunya na cire hular kan, sai ga abin a fili: kunun ya gangara cikin ramuka goma sha ɗaya a jere, zafi ya gasa shi ya zama kamar siminti. Abinci mai gari, irin su kunu da koko da talgen tuwo da ruwan shinkafa, shi ya fi yin wannan ɓarna, domin yana shiga rami yana ruwa ya bushe a ciki. Man soya kuma nasa a hankali yake yi, yana zama danƙo yana kama ƙura.

Na jiƙa hular da kan a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na kusan rabin awa, na cuɗe su da tsohon buroshin haƙori. Ramukan da suka ƙi buɗewa na bi su ɗaya bayan ɗaya da fil, ina shigar da shi a miƙe ba tare da jujjuya shi ba. Tsinken sakace da tsinken tsintsiya ba su dace da wannan aiki ba, don suna karyewa a ciki su zama sabuwar toshewa. Sai kuma a kula da irin ƙarfen. Idan kan na alminiyam ne, kada a jiƙa shi a ruwan kanwa ko soda mai ƙarfi, domin suna cin alminiyam su baƙanta shi. Na tagulla yana son ruwan lemon tsami. Na baƙin ƙarfe kuma tsatsa ce abokiyar gabarsa, kada ya kwana a ruwa. Fetur da kananzir ba su da wuri ko kaɗan a wannan wanki.

Bayan ɗauraya na ɗaga kan sama ina duba hasken rana ta kowane rami, sannan na shanya shi har ya bushe ƙayau. Gaggawa a nan takan ɓata aikin, domin ɗigon ruwa a cikin rami yana toshe shi kamar yadda kunu ya yi, kuma a murhu mai kunna kansa, farin filogin da ke kunna wutar ba ya ba da tartsatsi idan ya jiƙe. Wajen mayarwa na tabbatar kan ya zauna a kan ƙafarsa, hular kuma ta kwanta daidai ba ta rawa. Hular da ta karkace ko da kaɗan takan ba da wuta mai gefe ɗaya, ko da duk ramukan a buɗe suke.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne jet. Mutum ya ga fil ya yi masa aiki a ramukan sama, sai ya ɗauki allura ya zura a ramin jet. Tagulla ta fi ƙarfen allura laushi, kuma allurar ɗinki sau da yawa ta kai ramin kauri ko ta fi shi. Ga lissafin: yawan gas da ke wucewa yana bin girman filin ramin ne, shi kuwa fili yana ƙaruwa da ninkin faɗi a kan kansa. Idan allura ta buɗa rami daga milimita 0.65 zuwa 0.8, abin da ido ba zai ma lura da shi ba, gas ɗin da ke fita ya ƙaru da kusan rabi. Bututu da ramukan kan kuwa an auna su ne don gas ɗin farko. Sakamakon shi ne doguwar wuta mai rawaya da baƙin tukunya, kuma tukunyar gas mai kilo 12.5 ta riƙa ƙarewa kafin lokacinta. Ramin da aka buɗa ba ya komawa. Sai dai a sayi sabon jet mai lamba irin ta tsohon, kuma lambar tana nan a buge a jikinsa.

Idan alama ta nuna jet ne, a goge bakinsa da busasshen buroshi tukuna. In bai buɗe ba, a zaro sili ɗaya daga cikin siraran silin jan ƙarfe na wayar lantarki mai laushi, wanda ya fi ramin siranta sosai, a zura shi a hankali sau biyu ko uku. Kada a zuba ruwa a kan jet yana ɗaure a murhu, don ruwan zai gangara cikin hanyar gas. Wanda bai saba kwance shi ba ya bar wa mai gyara, domin zaren tagulla yana saurin lalacewa, kuma jet da bai ɗauru daidai ba yoyo yake yi.

Matakin ƙarshe shi ne gwajin yoyo, musamman idan an motsa murhun ko an taɓa tiyo. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin regileta da inda tiyo ya shiga murhu, sannan a buɗe gas. Kumfa mai tasowa tana girma alamar yoyo ce, kuma da ashana ba a taɓa yin wannan gwaji. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi sama ya fice. In aka ji warinsa, a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Haka nan idan bayan wanki wutar tana komawa cikin bututu da ƙara, ko kan ya tsage, ko tsatsa ta cinye ramukan har sun haɗe, wanki ya gama nasa, sai canji.

Namu dai da na ƙyasta ashana, wutar ta zagaye kan gaba ɗaya, harsunan duk tsawonsu ɗaya. Tun daga ranar, duk sa'ad da tukunya ta tafaso ta zuba, da zarar murhun ya huce ake cire hular a wanke, tun kafin girki na gaba ya gasa abin da ya shiga ramukan.