Fawa banki a zafin Garwa: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

Wutar lantarkin Garwa da Marwa da Ngaoundéré ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda ta fara aiki a 1982. Idan damina ta yi ƙaranci ruwa ya ja baya, wuta ma sai ta ja baya. An ga haka a 2021, lokacin da aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa, kuma shi ya sa daga baya aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Guider. Cikin irin wannan hali fawa banki ya zama ɗan gida: yana aljihun ɗan acaɓa, yana ƙarƙashin teburin mai tura kuɗi ta waya, yana jakar ɗaliba. Kamar kowane abin da ya shiga hannun kowa, ya tara jita-jita, wata gaskiya ce, wata kuma tana iya ƙona ɗaki.

Wadda ta fi yawo ita ce wai a riƙa barin sa cike taf, a jone da wuta kullum, shi ne zai daɗe. Dalilin masu yin haka a fili yake, tunda ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke wuta. Amma ga batirin litiyam da ke cikinsa, zama a cike shi ne lokacin da ya fi wahala. Kowane ɗan batir a ciki yana kaiwa 4.2V idan ya cika, kuma a wannan matsayi sinadaran cikinsa suna cin junansu a hankali ko da ba a amfani da shi. Zafi kuwa yana hanzarta wannan cin. Alƙaluman da masu aikin batir suka saba ambata sun nuna cewa batirin da aka ajiye shekara guda a cike, a zafin digiri 40, yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Wanda aka ajiye a zafi iri ɗaya amma cajinsa na wajen kashi 40 cikin ɗari, bai fi rabin wannan asara yake yi ba. A digiri 25 kuma asarar ta fi haka sauƙi sosai.

To, digiri 40 ba labarin ɗakin gwaji ba ne a Garwa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce haka a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar, ko gaban mota da aka kulle, ko akwatin ƙarƙashin kujerar babur. Masu ƙera irin wannan batir galibi suna kayyade cewa kada a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, ga shi caji da kansa yana ƙara masa zafi. Saboda haka wanda ya jona fawa bankinsa da ƙarfe biyu na rana a kan katifa, wayarsa kuma tana jone da shi tana sha a lokaci guda, ya haɗa masa zafi uku: na gari, na shigar wuta da na fitarta. Abin da ya fi shi ne a yi cajin da dare ko da sanyin safiya idan wuta ta samu, a kan siminti ko tayil inda iska ke ratsawa, a cire idan ya cika. Wanda ake amfani da shi kullum ba laifi ya cika, tunda ba zai daɗe a haka ba. Wanda za a ajiye wata da watanni shi ne ake bari a rabi, wato fitila biyu cikin huɗu, a riƙa duba shi duk bayan wata uku.

Akwai kishiyar wannan magana, wai sai an bar shi ya mutu murus kafin a sake caji, ko kuma sabo sai ya kwana a wuta kafin a fara aiki da shi. Wannan gadon tsofaffin batura ne na nikel, bai shafi litiyam ba. Ƙarar da shi har ƙasa kullum rage masa kwana yake yi, kuma idan aka jefar da shi a aljihun tebur babu caji na tsawon watanni, yakan faɗi ƙasa da matsayin da zai iya farfaɗowa lafiya. Irin wannan ne ake kai wa mai gyara ya "tashe shi" da wuta kai tsaye. Yana iya tashi, amma cikinsa ya riga ya taɓu.

Batun ajiye shi a firji kuma gajere ne: sanyi kaɗan yana da amfani, firji ba shi da shi. Idan aka fito da abu mai sanyi cikin iska mai ɗumi raɓa takan taru a kansa, har a kan allon lantarkin da ke ciki, daga nan sai tsatsa ko haɗuwar wayoyi. Ƙasan ɗaki, daga ɓangaren da rana ba ta bugawa, ya wadatar.

Inda jita-jita ta fi haɗari shi ne kumburi. Ana cewa "iska ce kawai ta shiga", a huda da allura ta fita, ko a danne shi da dutse ya koma daidai. Rabin maganar gaskiya ne, domin iska ce ke kumbura shi, amma ba daga waje ta shiga ba. Ruwan sinadarin da ke cikin batirin ne ya ruɓe saboda zafi ko tsufa ko caji fiye da kima, ya zama gas, kuma wani ɓangare na gas ɗin mai kamawa da wuta ne. A cikin batirin akwai faifai biyu masu adawa da juna, wata 'yar leda da ba ta kai kaurin gashi ba ce ke raba su. Allura ko dannewa na iya yaga ledar, faifan su haɗu, duk wutar da ke ajiye ta zube a wuri guda cikin daƙiƙoƙi, zafi ya haifi zafi har harshen wuta ya fito. Ko an yi sa'a bai kama ba, hujin ya buɗe wa danshi hanya. Batirin da ya kumbura ba ya warkewa.

Gane kumburi da wuri ba wuya. A ɗora shi a kan tebur mai santsi ko gilashi: idan yana lilo ko yana juyawa kamar an sa masa tsakuwa a ƙasa, cikinsa ya tasa. A duba gefen da murafe biyu suka haɗu ko ya fara buɗewa. Sai dai fawa bankin da aka haɗa da batura masu siffar gwangwani, irin waɗanda ake kira 18650, ba kasafai yake nuna kumburi ba saboda jikinsu ƙarfe ne. Nasa alamun su ne zafin da hannu ba ya iya jurewa, ɗumi alhali ba a jone yake da komai ba, wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce, ko tsatsa da jiƙewa a bakin ramin caji. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a daina amfani da shi.

Wasu kuma kan yi saurin cewa an sayar musu da jabu saboda an rubuta 10,000mAh amma bai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba. A nan lissafi ne ke raba gardama. Adadin da aka rubuta an auna shi ne a kan 3.7V na batirin ciki, wato 37Wh, kuma yawanci ana buga wannan lamba a bayansa. Kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa 5V, a nan wani kaso ya tafi a zafi. Idan ta shiga waya a sake sauke ta, wani kason ya sake tafiya. Abin da ke isa batirin wayar bai fi 27Wh zuwa 29Wh ba, shi kuwa batirin Tecno ko Itel mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan 19Wh. Ke nan sabon fawa banki na ƙwarai zai cika ta sau ɗaya da kusan rabi. Ba cuta ba ce.

Wannan lissafin ne kuma ma'aunin tsufa. A cika fawa bankin, a jona wayar da ke kan kashi 10 ba tare da ana latsa ta ba har ta kai 100, an samu maki 90. Idan ta sake sauka a ƙara jonawa har fawa bankin ya ƙare, a ce ta tashi daga 20 zuwa 70, an samu 50. Jimla 140, lafiyarsa ƙalau. Idan bayan shekara biyu duka-duka 90 yake bayarwa, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan batir ana sa ran ya yi caji 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, kuma zafin arewa na rage wannan adadi. Raguwar ƙarfi ita kaɗai ba haɗari ba ce, amma idan ta zo tare da zafi, ko fitilu suna faɗowa daga uku zuwa babu farat ɗaya, lokacin sallama ya yi.

Jabun gaske akwai shi, kuma nauyi ke tona shi. Mai 10,000mAh na gaskiya yana kai kusan giram 200, mai 20,000mAh kusan ninki biyu. Abu ɗan ƙarami mara nauyi da aka rubuta wa 50,000mAh ƙarya yake. Nauyin ma ba hujja ce cikakkiya ba, don an sha fasa wasu a tarar da yashi a madadin batir.

Cewa mai suna ba ya kamawa da wuta, wannan ma ba haka ba ne. A Yunin 2025 kamfanin Anker ya janye fiye da miliyan ɗaya na samfurinsa PowerCore 10000 mai lamba A1263 a Amurka saboda haɗarin gobara. A Janairun 2025 kuma jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, masu bincike suka nuna yatsa ga fawa bankin da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Maniyyatan da ke tashi daga filin jirgin Garwa su lura: ba a yarda a sa shi cikin babbar jakar da ake aunawa ba, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce 100Wh, wato kusan 27,000mAh, yana buƙatar izinin kamfanin jirgi.

Idan ya fara hayaƙi a gida, a katse wutar soket, a fitar da yara, kada a shaƙi hayaƙin don guba ne. Maganar cewa ruwa haramun ne a kansa ta wuce gona da iri: ga ƙaramin batir irin wannan, bayan an raba shi da wutar gida, ruwa mai yawa na sanyaya shi, ma'aikatan jirgin sama ma haka ake koya musu. Yashi yana hana wutar yaɗuwa. Kada a ɗauke shi da hannu da zarar ya lafa, domin yana iya sake tashi bayan wani lokaci.

Wanda aka yi wa ritaya kuma bai kamata ya shiga kwandon shara ba. Motar Hysacam matse shara take yi, jujin unguwa kuma cinna masa wuta ake yi, duka biyun abin da batirin ke jira ke nan. Kada a sake yi masa caji. A liƙe ramukansa da salatif, a binne shi cikin yashi a tsohuwar tukunyar ƙasa ko gwangwanin ƙarfe da ba a rufe ruf ba, a ajiye a inuwa a waje, nesa da zana da buhunan auduga da kwalaben fetur na zuwa-zuwa. Idan za a miƙa shi ga mai gyaran waya ko mai sayen tsofaffin kayan lantarki, a gaya masa ƙarara cewa ya kumbura, don kada a ciro batiransa a sa su cikin fitila ko rediyo a sake sayarwa.