Baccalauréat Ba Digiri Ba Ne: Yadda Ake Cike Gurbin Ilmi A Takardar Neman Aiki Ko Karatu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu cike wa mutane takardu a Garwa, ko a unguwar Briketari ta Yawunde, ya san inda yaranmu ke tsayawa cak. Suna da ranar haihuwa ba su da wuya. Da an iso gurbin ilmi, sai a iske an jera zaɓi da Turanci, ba ko ɗaya da ya yi kama da abin da ke rubuce a takardar shaidar da yaro ya samo da guminsa.

Mu ɗauki misalin yarinya da ta gama sakandare a ɓangaren Faransanci, ta ci Baccalauréat a fannin D, na kimiyyar halittu da lissafi, da maki 12,40 bisa 20. Tana neman gurbi a wata ƙasa mai amfani da Turanci. Tambayar farko ita ce matakin karatu, kuma zaɓin da ke gabanta su ne `Secondary School`, `Diploma`, `Bachelor's Degree` da `Master's Degree`.

Nan ne ramin da ya fi cin mutane. Kalmar Baccalauréat ta yi kama da Bachelor's a ido da kunne, sai hannu ya tafi can. To, ba ɗaya ba ne. Baccalauréat shaidar kammala shekara bakwai ta sakandare ce, wadda ofishin jarrabawar da aka kafa a 1993 ke shiryawa. Takwararta a ɓangaren Turanci na Kamaru ita ce GCE Advanced Level ta hukumar da ke Buea, shi ya sa a sanarwar gasar shiga aikin gwamnati ake haɗa su: Baccalauréat, ko Advanced Level a darussa biyu, ban da darasin addini. Saboda haka yarinyar nan `Secondary School` za ta zaɓa, ko `A Level` in akwai shi. Wanda ke da Licence, wato shekara uku ta jami'a bayan Baccalauréat, shi ne mai zaɓar `Bachelor's Degree`. Wanda ya yi kuskure a nan, ranar tantance takardu za a ɗauka ƙarya ya yi, alhali rashin sani ne.

Mai BEPC kuwa ya tuna shekara huɗu ya yi a sakandare, bai kammala ba. Haka mai Probatoire, da sauran shekara ɗaya a gabansa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, ita ce ta maki. A tsarinmu 10 bisa 20 ne ci. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 ana kiransa Passable, daga 12 Assez bien, daga 14 Bien, daga 16 Très bien. Duk wanda ya zauna ajin Faransanci ya san malamai ba sa sakin maki. Ɗalibin da ya tashi da 14 a jimla, sai an ji labarinsa a unguwa.

Amma takardar na iya tambayar `GPA` bisa 4. Abin da masu cikewa suka saba yi shi ne su raba 12,40 da 20 su ninka da 4, sai a sami 2,48. Lissafin daidai ne, ma'anar ce ta ɓace. Mai dubawa a can zai ga 2,48 ya ɗauka ɗaliba ce mai rauni, alhali ita tana da yabo a takardarta. Wasu kuma, don tausayi, sai su ƙara mata zuwa 3,5, wanda ya fi na farko haɗari, domin babu takardar da za ta tsaya masa.

A ganina hanya mafi aminci ita ce kada mutum ya juya makin da kansa. Ya nemi zaɓin `Other`, ya rubuta sunan shaidar kamar yadda yake, sannan makin da ma'auninsa:

```
12.40/20 Assez bien
```

A lura da ɗigon da ke tsakanin 12 da 40. Mu waƙafi muke sawa, amma na'ura mai aiki da Turanci na iya ƙin karɓarsa, ko ta karanta shi a matsayin wani adadi dabam. In akwai gurbin `Grading scale` ko `Maximum grade`, a sa 20. Zaɓi irin su `First Class` da `Second Class Upper` na masu digiri ne, ba su shafi mai Baccalauréat ba. In sun fito mata, alama ce ta zaɓi matakin da ba nata ba tun a tambayar farko.

In takardar ta ƙi wucewa sai da juyayyen maki, a rubuta wa makarantar ko ma'aikatar a tambaye su teburin da suke aiki da shi, domin kowace da nata. Wasu sukan nemi takardar daidaita shaida daga hukuma. A Nijeriya ma'aikatar ilmi ta tarayya a Abuja ke bayar da ita, a Kamaru kuwa, ga wanda ya dawo da shaidar waje, ma'aikatar ilmi mai zurfi a Yawunde. Aikin yakan ɗauki lokaci, don haka a fara shi tun kafin a buɗe karɓar takardu, tare da kwafin shaida da na takardar maki da hukuma ta buga wa hatimi.