Kafin Kwamfuta Ta Fara Lissafi

Masana'antar abincin kaji na neman haɗin masara da waken soya mafi araha. An rubuta lissafin, saura a bai wa kwamfuta. A dakata tukuna.

Idan farashin masara na buhu ne, na waken soya kuwa na kilo, kwamfuta za ta ɗauka masara ta fi tsada nesa ba kusa ba, ta guje mata. Dole a mayar da duka zuwa kilo.

Sharaɗin kada masara ta wuce kilo 900 ba ya aikin komai idan wani ya riga ya tsayar da ita a 700.

Wanda ya fi damuna shi ne juyewar alama. Furotin aƙalla kashi 18 cikin ɗari ake so; in aka rubuta ≤ maimakon ≥, kwamfuta za ta cika haɗin da masara iyakar yadda aka ba ta dama, kajin su tsumbure.