Yadda lambar mazaɓar Bakori ke rikiɗewa ta zama kwanan wata idan ana mayar da hoton jadawali zuwa CSV

Duk lokacin rabon taki ko rajistar manoma a shiyyar Funtua, hotunan jadawali kan cika WhatsApp. Wani ma'aikaci ya tambayi rumbun bayanai, amsa ta fito masa a fuskar kwamfuta layi-layi, ya ɗauki hotonta ya tura wa abokinsa, kafin la'asar ta kai Malumfashi da Ƙafur. Mai son bin diddigi, ɗan jarida ne ko ɗan ƙungiyar sa ido, ba zai iya tara lissafi a kan hoto ba. Dole ya mayar da shi fayil da kwamfuta za ta iya karantawa, kuma mafi sauƙin irin wannan fayil shi ne CSV, wato rubutu tsura wanda waƙafi ke raba gurabensa.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne nau'in ginshiƙi, wato kowane jeri na tsaye a jadawalin. A cikin rumbun, an riga an ƙayyade wa kowane ginshiƙi abin da zai ɗauka: wannan rubutu ne, wannan adadi ne, wannan kwanan wata ne. Hoto ba ya ɗauko wannan bayani. Shi ma CSV ba shi da wurin ajiye shi; takardar RFC 4180 ta shekarar 2005, wadda ta bayyana tsarinsa, ta yi maganar waƙafi da alamar zance da ƙarshen layi ne kawai. Saboda haka duk manhajar da ta buɗe fayil ɗin sai ta yi cinke, kuma cinken nata ne ke ɓata aiki.

Ga misali. Alƙaluman buhuna da kuɗi da asusu na gwaji ne, don bayani kawai aka tsara su, amma tsarin lambar mazaɓa na hukumar zaɓe ta INEC ne. A ce hoton ya nuna haka:

```
mazaba    kh          asusu       buhu  kudi           rana
20-01-03  Bakori      0011111111  600   12,000,000.00  05/06/2025
20-07-05  Dandume     0022222222  450   9,000,000.00   05/06/2025
20-14-03  Funtua      0033333333  815   16,300,000.00  18/06/2025
20-25-02  Malumfashi  0044444444  NULL  NULL           NULL
```

Kafin a kwafi komai, a duba ko hoton cikakke ne. Manhajojin tambayar rumbu galibi suna nuna yawan layukan da amsa ta ƙunsa a ƙasan allo. Idan an rubuta 40 a wurin amma hoton layi 25 ya kama, to abin da ke hannu guntu ne, kuma duk jimillar da aka fitar daga gare shi ba jimillar shirin ba ce. Haka nan a lura da ginshiƙin da ya yi ƙunci har rubutu ya yanke da ɗigo uku. Abin da ya yanke a hoto ya tafi ke nan. A bar shi a yanke, a sa masa alama, kada a cike shi da zato.

Sannan a zo ga tambayar da za a yi wa kowane ginshiƙi: idan aka haɗa biyu daga cikin abin da ke ciki, sakamakon yana da ma'ana? Buhu 600 da buhu 450 sun zama buhu 1,050, wannan adadi ne. Amma lambar asusun Bakori da ta Dandume, in an haɗa su, ba su ba da asusun kowa ba. Irin wannan suna ne da aka rubuta da alƙaluma, don haka nau'insa rubutu ne. Lambar asusun banki ta NUBAN mai alƙaluma 10, lambar waya mai 11, BVN da NIN masu 11 kowannensu, duk sunaye ne. Idan aka bar Excel ya ɗauke su a matsayin adadi, zai zubar da sifilin gaba, 0011111111 ta koma 11111111, lambar wayar da ta fara da 080 ta fara da 80. Idan kuma lamba ta wuce alƙaluma 15, yakan mayar da na bayan sifili, kuma babu hanyar dawo da su daga wannan fayil.

Ginshiƙin mazaɓa ne ya fi kowanne yaudara. INEC tana jera lambobi ne daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa zuwa rumfa. Katsina ce ta 20 a jerin jihohi. A cikin ƙananan hukumominta 34, Bakori ce 01, Dandume 07, Danja 08, Faskari 13, Funtua 14, Malumfashi 25. To a kwamfutar da aka saita ta fara da rana sannan wata, kamar yadda muke rubutawa a Najeriya, Excel yana ganin 20-01-03 sai ya karanta 20 ga Janairu 2003. 20-07-05 ta Dandume ta zama 20 ga Yuli 2005. Amma 20-14-03 ta Funtua za ta tsira, domin babu wata na 14. Ke nan a cikin ƙananan hukumomi 11 na Katsina ta Kudu, uku ne kawai lambobin mazaɓunsu za su rikiɗe, wato Bakori da Dandume da Danja, sauran takwas su zauna lafiya lau. Wanda ya leƙa layukan Funtua da Malumfashi ya ga komai daidai, zai ɗauka aikinsa ya yi kyau. Sai ya zo haɗa jadawalin da wani, misali na yawan masu rajista a kowace mazaɓa, lambobin ƙananan hukumomi ukun nan su ƙi haɗuwa, su ɓace daga sakamako ba tare da wani gargaɗi ba. Daga nan zuwa kanun labarin cewa an ware Bakori a rabon taki, taki ɗaya ne.

Ana gane wannan da ido. Excel yana jingina rubutu a hagu, adadi da kwanan wata a dama. Ginshiƙi ɗaya da wasu gurabensa suka karkata hagu wasu dama ya riga ya gurɓata. Kuma gyara daga baya ba ya aiki: in aka koma aka ce gurbin rubutu ne, abin da zai bayyana shi ne 37641, lambar da Excel ke ajiye 20 ga Janairu 2003 da ita. Wannan ba matsalar ƙauye ba ce. Masana ƙwayoyin gado sun sha fama da SEPT2 da MARCH1, sunayen da Excel ke mayarwa ranakun Satumba da Maris, har kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya gaji, a 2020 ya sanar da sauya irin waɗannan sunaye.

Kwafin kansa, layi huɗu ko ashirin, da hannu ya fi aminci: mutum ɗaya ya karanta, ɗaya ya rubuta, sannan su yi musaya. Idan layukan sun yi yawa, manhajar karanta rubutu daga hoto, wadda ake kira OCR, tana rage wahala, amma tana rikita 0 da O, 1 da l, 8 da 3 ko B, musamman a hoton da WhatsApp ya matse. Takan kuma cire wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, Ƙanƙara ta koma Kankara. A nemi a turo hoton a matsayin fayil domin kada a matse shi, kuma a adana CSV ɗin da UTF-8 domin haruffanmu su tsira.

Kuɗi kuwa, waƙafin dubbai ado ne na allo, ba ya cikin adadin. In aka bar 12,000,000.00 yadda take, waƙafan biyu za su tsaga ta gida uku, duk abin da ke bayanta ya goce zuwa ginshiƙin da ba nasa ba. A cire su, a bar ɗigon kwabo. Kwanan wata 05/06/2025 na iya zama 5 ga Yuni ko 6 ga Mayu. Layin Funtua ne ya raba gardama, tunda 18 ba za ta zama wata ba, ashe rana ce a gaba. Da zarar an tabbatar, a rubuta shekara, wata, rana, bisa tsarin ISO 8601, wanda ba ya karɓar fassara biyu.

NULL na bukatar natsuwa. Ma'anarsa ita ce ba a shigar da komai ba, kuma wannan daban yake da sifili. Sifili na cewa mazaɓar Malumfashi ba ta samu ko buhu ɗaya ba. NULL na cewa ba a rubuta ko ta samu ba. Na farko zargi ne, na biyu tambaya ce da za a kai wa jami'i. Ko a lissafi bambancin a fili yake: buhu 1,865 a raba wa mazaɓu uku ya ba da kusan 622, a raba wa huɗu ya ba da kusan 466. A CSV, a bar gurbin fanko:

```
mazaba,kh,asusu,buhu,kudi,rana
20-01-03,Bakori,0011111111,600,12000000.00,2025-06-05
20-07-05,Dandume,0022222222,450,9000000.00,2025-06-05
20-14-03,Funtua,0033333333,815,16300000.00,2025-06-18
20-25-02,Malumfashi,0044444444,,,
```

Fayil ɗin nan daidai yake, amma danna shi sau biyu ya buɗe a Excel zai sake jawo duk ɓarnar da aka ambata, kuma in aka adana shi a haka, ɓarnar ta zauna. Sa alamar zance a gefen lambobin ma ba ya hana Excel cinkensa. Hanyar ita ce a shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, a zaɓi Do not detect data types, a ba kowane ginshiƙi nau'insa da hannu. A LibreOffice Calc, akwatin Text Import yana ba da damar zaɓar ginshiƙi a sa masa Text tun kafin ya buɗe. Mai aiki da Python zai faɗi nau'ukan a fili:

```
import pandas as pd
t = pd.read_csv("taki.csv", parse_dates=["rana"],
    dtype={"mazaba": "string", "asusu": "string", "buhu": "Int64"})
```

Int64 mai babban harafi ita ce ke yarda da gurbi fanko a cikin cikakkun adadi. Ba don ita ba, 600 za ta koma 600.0. Tunda CSV ba ya riƙe nau'i, a haɗa shi da 'yar takarda da ke faɗin nau'in kowane ginshiƙi, da inda hoton ya fito, da ranar da aka same shi.

Saura gwaji, kuma jadawalin da kansa yakan ba da ma'auni. A misalinmu, kuɗi a raba da buhu ya kamata ya ba da naira 20,000 a kowane layi. A ce OCR ta karanta 815 a matsayin 315. Nau'in bai ɓaci ba, 315 adadi ne sahihi, babu manhajar da za ta yi ƙorafi. Amma 16,300,000 a raba da 315 ya haura naira 51,000 kan buhu ɗaya, wanda ya sha bamban da sauran layukan, kuma jimillar buhuna ta sauko daga 1,865 zuwa 1,365. Wanda bai yi wannan rabawa ba zai iya wallafa cewa buhu 500 sun yi ɓatan dabo a Funtua, alhali harafi ɗaya ne ya dushe a hoto. Haka nan a ƙirga tsawon kowace lamba: asusun da bai cika alƙaluma 10 ba, ko lambar mazaɓar da ba ta cika gurbi takwas ba, a koma ga hoton.

Duk wannan yana tabbatar da cewa fayil ya yi daidai da hoto ne, ba ya tabbatar da cewa hoton gaskiya ne. Hoto ba ya nuna sharaɗin da aka sa wa tambayar, mai yiwuwa an tace wasu layuka tun kafin a ɗauka, kuma sauya alƙalami a hoto ba wuya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa bukata, don haka a rubuta a nemi asalin fayil ɗin. Idan kuma jadawalin na ɗauke da asusu ko wayar manoma, a yi amfani da su wajen tantancewa, a cire ginshiƙan kafin a wallafa, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe su.