Marubuta Da Yawa, Murya Ɗaya

A ce marubuta uku ne suka aiko wa mujalla labarin tsadar taki. Na farko ya rubuta: "Manomi ya na sayen buhu N30,000." Na biyu ya ce: "Manomi yana sayen buhu naira dubu talatin." Na uku, Basakkwace, ya rubuta "shina saye". Duk abu ɗaya suke faɗa, amma idan aka buga su haka, mai karatu zai ga kamar gidan ba shi da edita.

Maganin wannan shi ne kundin ƙa'idoji na gida, wanda kowane marubuci zai riƙe. Abin da ke cikinsa iri biyu ne.

Iri na farko shi ne abin da daidaitacciyar Hausa ta riga ta yanke, wadda aka gina a kan karin harshen Kano, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa ta daga Zariya tun 1939. A nan babu zaɓi. Ana haɗa "yana" da "motarsa", ana raba "ya ci" da "ya ba shi". Wanda ya haɗa na ƙarshen ya koma maganar bashi. Haka ma ƙugiya: "ya ɓata" daban, "ya ba ta" daban, kuma "ƙasa" ba "kasa" ba ce.

Iri na biyu ya fi jawo gardama, domin kowane ɓangare yana da gaskiya. A Nijeriya ana rubuta "'ya'ya", a Nijar kuwa "ƴaƴa". Kuɗi ana iya sa su da lamba ko da kalma. Mai karatu ana iya ce masa "ka", ana iya girmama shi da "ku". Aikin edita a nan shi ne ya zaɓi ɗaya, ya rubuta shi tare da misali. Umarni irin "a yi rubutu da ladabi" ba ya hana saɓani. Amma idan aka ce "a kira mai karatu 'ku', a ambaci cikakken suna da muƙami sau ɗaya, daga nan a ce Malam Wane", kowa ya san abin yi.

Da wannan, jimlar takin za ta zama ɗaya a hannun su ukun: "Manomi yana sayen buhu naira 30,000."

Kafin a buga, edita ya nemi "ya na", "ta na" da "su na" a cikin rubutun ta kwamfuta. Duk tambayar da ta taso sau biyu, a shigar da hukuncinta cikin kundin.

Sai dai kundin yana da iyaka. Idan manomin Sakkwato ne da kansa ya ce "shina da tsada", a bar masa maganarsa yadda ya faɗe ta. Ƙa'idar gida marubutan gida ta ɗaure, ban da wanda aka yi hira da shi.